A Daina Auna Lamba Shida Da Yawan Shara

Wannan makon mun zo da ƙorafi ne, kuma ƙorafin a kanmu yake, mu da muke cika gidajen kallon ƙwallo ranakun Asabar da Lahadi, mu fito muna yanke hukunci kamar mu muka horar da 'yan wasan.

Duk wanda ya zauna a gidan kallo tsakanin 2006 da 2016 ya san abin da ake cewa idan John Mikel Obi ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili. Kafin ya taɓa ta wani ya riga ya ɗaga murya daga bencin baya: "Ku tsaya ku gani, baya zai mayar." Idan ya mayar ɗin sai a fashe da dariya. Hujjar masu dariyar ba ta da wuyar faɗa. Yaron da aka haifa a Jos, wanda ya zo na biyu a bayan Messi a jerin gwarazan gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, ya je Chelsea ya buga wasa 249 a Firimiya, ƙwallo ɗaya tak ya ci. A wurinsu magana ta ƙare, Mourinho ya kashe mana yaro.

Mu ma mun yi wannan dariyar, ba za mu ɓoye ba. Amma yau muna cewa ma'aunin da muka riƙe ba na wurin ba ne. Ɗan wasan da ke tsayawa a gaban 'yan baya, wanda muke kira lamba shida, muna auna shi da abu biyu: sau nawa ya zube ƙasa ya share ƙwallo daga ƙafar abokin hamayya, da sau nawa ya cilla dogon fasin gaba. Alhali mafi yawan aikinsa yana ƙarewa kafin ƙwallon ta iso gare shi. Aikin yana cikin inda ya tsaya lokacin da ƙwallon ke hannun abokan hamayya, da inda ya duba kafin a miƙo masa ita. Waɗannan biyun za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da tsayuwa. Babban filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68. Idan ƙungiya tana tsaron gida, 'yan bayanta huɗu suna jere a layi ɗaya, 'yan tsakiya kuma suna gabansu a wani layin. Tsakanin layukan nan biyu akwai fili, kuma shi ne wuri mafi haɗari a wasa. Idan ɗan wasan abokan hamayya ya karɓi ƙwallo a nan ya juyo yana fuskantar raga, 'yan baya sun shiga tsaka mai wuya. In ɗayansu ya fito ya tare shi, ya bar rami a bayansa wanda ɗan gaba zai faɗa. In kuma suka ja da baya, sun ba shi damar ya ɗaga kai ya zaɓi abin da yake so, ko ya buga raga ko ya zura fasin. Lamba shida an ajiye shi ne don kada a taɓa tilasta wa 'yan baya yin wannan zaɓin.

Yadda yake yi kuwa ba da bin mutum a guje ba ne. Yana tsayawa ne a kan layin da ke tsakanin mai ƙwallo da wanda ake son a bai wa. Ku tuna yadda ake yi da fitila da daddare: idan ka sa hannu a gabanta, duk abin da ke bayan hannun ya shiga inuwa. Mai ƙwallo shi ne fitilar, lamba shida shi ne hannun, ɗan wasan da ke laɓe a bayansa kuma ya shiga inuwa, ba a iya ganinsa balle a ba shi. Da ƙwallon ta koma gefen dama sai ya matsa taku uku ko huɗu dama, da ta dawo hagu ya dawo, yana waiwaye don ya san ko mutumin ya canza wuri. Ƙwallon da ba ta samu hanya ta tsakiya ba dole ta bi gefe, inda layin fili da kansa yake taya tsaro. Duk wannan ba ya shiga lissafin da ake nunawa a talabijin bayan wasa, domin ba a ƙirga fasin ɗin da aka fasa bayarwa.

Wahalar tana cikin tazara. Idan ya matsa kusa da mai ƙwallo inuwarsa tana faɗaɗa, kamar yadda hannu ke rufe haske da yawa in ya kusanci fitila, amma ya yi nisa da 'yan bayansa, kuma fasin ɗaya da ya wuce shi ya gama da shi. Idan kuma ya manne da 'yan baya ya zama na biyar a layinsu, ya bar wa mai ƙwallo fili ya taho da ita har bakin da'irar sha takwas. Shi ya sa za ku ga ƙwararru suna riƙe tazarar kimanin mita 10 zuwa 15 a gaban 'yan bayansu na tsakiya, kuma ba sa barin wurin sai sun tabbata ko dai za su samu ƙwallon, ko wani ya cike musu gurbi.

Wanda yake son ya ga abin da rashin wannan mutum ke jawowa, ya koma wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai na ranar 29 ga Mayu, 2021, a birnin Porto. Pep Guardiola yana da Rodri, yana da Fernandinho, ya ajiye su biyun a benci. Ya sa Ilkay Gundogan a gindin tsakiya, mutumin da a kakar nan shi ya fi kowa ci wa Manchester City ƙwallo, wato ɗabi'arsa ta kutsawa gaba ce. A minti na 42 mai tsaron ragar Chelsea, Edouard Mendy, ya aika ƙwallo gefen hagu wurin Ben Chilwell, shi kuma ya taɓa wa Mason Mount. Mount ya juya kusa da layin tsakiya, ba wanda ya matsa masa, ya samu lokacin ɗaga kai. Timo Werner ya ruga gefe ya ja ɗan baya ya bi shi, tsakiya ta buɗe. Mount ya zura ta ta wannan ramin, Kai Havertz ya fita da ita, ya wuce Ederson, ya gangara ta raga. Ita kaɗai aka ci a wasan, ita ta ba Chelsea kofi. Fernandinho bai shigo ba sai bayan an wuce minti 60.

Wani zai ce, to ai Mount a gefe ya karɓi ƙwallon, wa ya ce Rodri zai iso wurin? Gaskiya ne, babu mai iya rantsuwa cewa da yana ciki da ba a ci ba. Amma ku duba hanyar da ƙwallon ta bi daga ƙafar Mount zuwa ta Havertz. Ta ratsa daidai wurin da ake biyan lamba shida albashi ya tsaya. Ba ma sai ya taɓa ta ba. Da akwai jiki a kan wannan layi, da Mount ya jinkirta daƙiƙa ɗaya yana neman wata kafa, kuma daƙiƙa ɗaya ta ishi ɗan baya ya dawo ko Havertz ya faɗa satar gida. Da hakan ta faru, da babu wanda zai tafa wa kowa a gidan kallo, da mun ce kawai harin ya lalace.

A nan ne muke rigima da masu ƙirga shara. Idan muka ga lamba shida ya zube ya share ƙwallo har ƙura ta tashi, mukan miƙe mu ce namiji. Mu tambayi kanmu, me ya kai shi ƙasa? Sau da yawa amsar ita ce ya makara. Ya tsaya inda bai dace ba, aka wuce shi, yake ƙoƙarin gyara kuskurensa da tsawon ƙafa. Kuma wanda ya zube ƙasa ya yi caca ne. In ya samu ƙwallon, madalla. In ya kuskure, yana kwance, abokan hamayya na tafiya kan 'yan bayansa ba kowa a gabansu. In ya samu ƙafar mutum, ga katin gargaɗi, kuma sauran wasan zai buga shi yana ɗari-ɗari. Ba muna cewa shara ba ta da rana ba. N'Golo Kante, wanda aka zaɓa gwarzon wancan wasan na Porto, gwanin ƙwace ƙwallo ne na gaske. Amma ku tuna yana da Jorginho a gefensa yana riƙe wurin, shi ya sa yake da 'yancin fita farauta. A Leicester ma a kakar 2015 zuwa 2016 akwai Danny Drinkwater kusa da shi. Wanda yake shi kaɗai a gaban 'yan baya ba shi da wannan gata.

Mu koma rabi na biyu na aikin, wato karɓar ƙwallo ana biye da kai. Idan ƙungiya ta fara gina wasa daga gida, lamba shida yakan sauko ya karɓa daga wurin 'yan baya. Matsayinsa ya fi na kowa muni. Fuskarsa na kallon ragarsu, abokan hamayya suna bayansa inda ba ya gani, kuma ana iya zuwar masa ta kowace kusurwa. Ɗan wasan gefe yana da layi a bayansa, ya san ta nan ba mai zuwa. Ɗan gaba in ya rasa ƙwallo akwai mutum goma a bayansa. Shi kuwa in ya rasa, 'yan baya biyu ne kawai suka rage, su ma sun buɗe gefe da gefe don karɓar fasin.

Mu yi ɗan lissafi. Mu ƙaddara ɗan baya ya miƙo masa fasin na mita 15 a ƙasa. Ƙwallon za ta ɗauki kimanin daƙiƙa ɗaya kafin ta iso. Ɗan wasan da ya riga ya taso a guje yana iya cin mita 6 ko 7 a cikin wannan daƙiƙa. Ma'ana, mutumin da ka gani can nesa lokacin da aka buga fasin, tare za su iso da ƙwallon. Saboda haka wanda ya jira sai ƙwallo ta zo ƙafarsa sannan ya fara tunanin abin da zai yi, ya riga ya rasa ta.

Abin da ƙwararru ke yi mataki huɗu ne, kuma kowa zai iya ganinsu in ya sa ido. Na farko waiwaye. Kafin a ba shi, yana juya kai hagu da dama, sannan ya sake waiwayawa lokacin da ƙwallon ke kan hanya, domin hoton da ya ɗauka daƙiƙa biyu da suka wuce ya tsufa. Wani malamin jami'a ɗan ƙasar Norway, Geir Jordet, ya daɗe yana nazarin wannan ɗabi'a ta bidiyon wasanni, kuma ya gano cewa 'yan wasan da suka fi yawan waiwaye kafin karɓa sun fi isar da fasin ɗinsu inda suka nufa. Na biyu tsayuwar jiki. Ba ya ba wa filin baya gaba ɗaya, yana tsayawa a karkace, kafaɗa ɗaya na kallon ragarsu ɗaya na kallon ta abokan hamayya, yadda zai ga mai ba shi ya kuma ga rabin fili. Na uku ƙafar da zai karɓa da ita. Yana barin ƙwallon ta ratsa gabansa ya tare ta da ƙafar da ta fi nisa da inda ta fito, sai taɓawar farko ta zama ita ce juyawar. Na huɗu, in mutumin ya riga ya manne masa, yana sa jikinsa da hannunsa tsakanin mutumin da ƙwallon, ya ji ta wace kafaɗa aka danno shi, ya juya ta ɗaya ɓangaren. Sergio Busquets ya yi shekaru a Barcelona yana wannan, ba shi da gudu, amma da wuya ka ga an ƙwace masa.

Ga abin da ke faruwa in aka tsallake matakin farko. Ranar 8 ga Yuli, 2014, a Belo Horizonte, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya tsakanin Brazil da Jamus. Toni Kroos ya ci ta uku a minti na 24. Brazil ta sake take wasa, ƙwallo ta koma gida, aka miƙo wa Fernandinho, ɗaya daga cikin biyun da ke gaban 'yan baya. Ya karɓa yana kallon ragarsu, Kroos na tahowa ta bayansa. Kroos ya zare ta daga ƙafarsa, ya ba Sami Khedira, Khedira ya mayar masa, ya saka ta a raga a minti na 26. Daga ƙwacewa zuwa ci 'yan daƙiƙoƙi ne, domin babu sauran wani shinge a tsakani. An cire Fernandinho a hutun rabin lokaci, wasa ya tashi 7 da 1. Ku lura, wannan Fernandinhon ne muka ce an yi kewarsa a Porto. Ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Wurin ne ba ya yafe kuskure, ko na gwani.

To yanzu mu dawo kan Mikel da fasin ɗinsa na baya. Idan lamba shida ya waiwaya ya ga mutum a gadon bayansa, kuma ba kafar juyawa, mayar da ƙwallo da taɓawa ɗaya shi ne daidai. Ba tsoro ba ne, kuma sau da yawa ba ma baya ƙwallon ta nufa ba. Ga yadda abin yake: ya sauko ya jawo ɗan tsakiyar abokan hamayya ya biyo shi, wurin da wancan ya baro ya zama fanko. Ya mayar wa ɗan baya wanda fuskarsa ke kallon gaba, shi kuma ya zura ta kai tsaye cikin wannan fanko ga mutum na uku. Ƙwallon ta yi baya mita 10 don ta yi gaba mita 30. Mu a gidan kallo muna yaba wa na ƙarshen, muna zagin wanda ya buɗe ƙofar.

Ba za mu yi rashin adalci ga masu suka ba, suna da gaskiya a wuri ɗaya. Akwai fasin baya na ragwanci. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: duba bayan ɗan wasan lokacin da ya karɓa. In babu kowa kusa da shi, akwai fili mita 10 a buɗe, amma ya mayar ba tare da ya ko waiwaya ba, wannan ya cuci ƙungiyarsa, domin ya ba abokan hamayya lokacin komawa su jeru. Mikel ya sha yin irin wannan, musamman a wasannin da Chelsea ke neman ci ido rufe, kuma wanda ya gan shi a rigar Super Eagles yana wasa gaba kaɗan ya san yana da fasin da ya fi wanda yake nunawa a Landan. Mun yarda da wannan. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a haɗa kowane fasin baya a kwando ɗaya. Kuma mu tambayi masu dariya: mutumin da ya shekara 10 da ɗoriya a Chelsea, koci bayan koci suna zuwa suna tafiya, yawancinsu suna sa shi, duk makafi ne mu kaɗai ke gani? Ranar 19 ga Mayu, 2012, a filin Bayern Munich, lokacin da Chelsea ta shafe dare tana tsaron gida har ta ɗauki kofin Zakarun Turai a bugun fenareti, Mikel ya buga minti 120 cur a gaban 'yan baya. Sunan Drogba muka fito muna kira, kuma ya cancanta. Amma kafin a kai ga Drogba sai da wani ya toshe tsakiya.

Irin wannan makanta ba ta ƙare da Mikel ba. Rodri ya yi shekaru yana wannan aiki a Manchester City, da yawanmu ba mu riƙe sunansa ba sai da ya ci Inter Milan a wasan ƙarshe na 2023 a Istanbul. Da ya ji rauni a gwiwa a Satumbar 2024, ba a jima ba City ta sha kashi sau 5 a jere. Ba shi kaɗai ne dalili ba, akwai wasu masu rauni, amma duk wanda ya kalli wasannin ya ga yadda ake ratsa tsakiyarsu kamar babbar hanya.

Abin da ya sa muka damu har muka rubuta wannan, ba don mu wanke Mikel ba ne, shi ya gama wasansa ya tara kofunansa. Damuwarmu yaran da ke filayen unguwanninmu ne. Ku je kowane fili da la'asar ku ga wa ake sawa a lamba shida. Mafi ƙarfi ne, mafi iya keta, wanda ake tsoron ƙafarsa. Idan wani siririn yaro ya karɓi ƙwallo a gaban 'yan baya ya yi niyyar juyawa, kafin ya motsa 'yan kallo da koci sun haɗa baki: "Fitar da ita! Buga gaba!" In ya yi kuskure sau ɗaya aka ci, an cire shi ke nan, kuma ya koyi darasin da zai bi shi har girma, cewa ƙwallo wuta ce, a rabu da ita. Mun san filayenmu na ƙasa ne, ƙwallo na tsalle yadda ta ga dama, juyawa a kansu ta fi wuya. To wannan ai dalili ne na a ƙara koya wa yaro waiwaye, tunda idonsa zai daɗe a kan ƙwallon in ta iso, gara ya riga ya san abin da ke bayansa. Koyarwar ma ba ta buƙatar kuɗi. Mutum uku sun isa: ɗaya ya miƙo ƙwallo, ɗaya ya tsaya a bayan yaron yana ɗaga yatsu, yaron kuma sai ya faɗi yatsu nawa aka ɗaga kafin ya taɓa ƙwallon. In ya saba, na bayan ya riƙa matsowa wani lokaci, wani lokaci ya tsaya, yaron ya zaɓa da kansa ko ya juya ko ya mayar.

Ga roƙonmu ga duk wanda zai shiga gidan kallo wannan Asabar ɗin. Ka ware minti 10 kacal ka ɗauke idonka daga ƙwallo, ka ɗora shi kan lamba shida na ƙungiyar da kake so. Ƙirga sau nawa ya waiwaya kafin a ba shi. Duba ko a karkace yake karɓa ko ya ba wa fili baya. Idan ƙungiyarsa ta tafi hari, duba ko ya tsaya a gaban 'yan baya ko shi ma ya bi yarima ya sha kiɗa. Idan kuma aka ci su ta tsakiya, kafin ka zagi mai tsaron raga, jira maimaicin ka nemo inda yake tsaye daƙiƙa biyar kafin cin. Wanda ya yi haka ya dawo ya ce har yanzu shara ce ma'auni, ga fili ga mai doki, muna jiran hujjarsa.